Saƙon imel ya dawo: yadda ake bambanta toshewa da cikar akwati da kuskuren adireshi

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Mayun 2011, ta ba hukumar gwamnati kwana bakwai ta amsa buƙatar duk wanda ya nemi bayani. Sai dai lissafin kwanakin yana farawa ne daga ranar da buƙatar ta isa hannun hukumar. Saboda haka, duk wanda ya tura buƙatarsa ta imel, tambaya ta farko da ke gabansa ita ce: saƙon ya isa ko bai isa ba? In kuma bai isa ba, mene ne ya tare shi?

Amsar tana cikin wani saƙo da yawancin mutane kan goge ba tare da sun karanta ba. Shi ne wanda ke dawowa da Turanci mai sarƙaƙiya daga wani mai suna `Mailer-Daemon` ko `postmaster`, cike da lambobi. Wannan saƙo rahoto ne, kuma a cikinsa na'urar da ta ƙi karɓar wasiƙar ta rubuta dalilinta. Dalilai uku ne suka fi yawa: adireshin ba daidai ba ne, akwatin mai karɓa ya cika, ko kuma an hana saƙon shiga. Kowanne yana da alamarsa, kowanne da maganinsa, kuma wanda ya cakuɗa su yana iya zargin wanda bai yi laifi ba.

Wa ke magana a cikin rahoton

Imel ba ya tashi daga wayar mai aikawa ya faɗa wayar mai karɓa kai tsaye. Yana bi ta hannun manyan kwamfutoci masu rarraba wasiƙu, waɗanda ake kira sabar. Sabar mai aikawa ce ke ɗaukar saƙon, ta nemi sabar mai karɓa, su yi wata gajeriyar tattaunawa bisa ƙa'idar SMTP, wadda Jon Postel ya tsara a takardar RFC 821 ta shekarar 1982. Ta farko takan gabatar da kanta, ta faɗi sunan mai aikawa, ta faɗi sunan wanda ake nema, sannan ta miƙa wasiƙar. A kowane mataki ta biyu takan amsa da lamba mai alƙaluma uku. Lambar 250 na nufin an karɓa. Lambar da ta fara da 4 na nufin ba yanzu ba, a sake gwadawa. Wadda ta fara da 5 kuwa na nufin an ƙi, kuma maimaita saƙon yadda yake ba zai canza komai ba.

Matsalar waɗannan tsofaffin lambobi ita ce ba su da cikakken bayani. Lambar 550, alal misali, ana amfani da ita idan babu adireshin, ana kuma amfani da ita idan an hana saƙon shiga. Don haka a shekarar 1996 aka ƙara wata lamba ta biyu mai kashi uku da ɗigo a tsakani, irin su 5.1.1, kuma takardar RFC 3463 ta 2003 ce ke fayyace ta a yau. Wannan lamba ta biyu ita ce mabuɗin karatun.

Kashi na farko yana faɗin ko matsalar ta ɗan lokaci ce ko ta dindindin: 4 ko 5. Kashi na tsakiya yana faɗin inda matsalar take. Idan 1 ne, maganar adireshi ce. Idan 2 ne, maganar akwatin mai karɓa ce. Idan 7 ne, maganar tsaro ce ko ƙa'idar da gidan mai karɓa ya gindaya. Kashi na uku ƙarin bayani ne. Wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma uku na tsakiya, wato 1 da 2 da 7, ya riga ya ci rabin aikin.

Sau da yawa abin da manhajar waya ke nunawa taƙaitawa ce kawai. Cikakken rahoton yana ƙasa, ko a cikin fayil ɗin da aka maƙala, kuma a Gmail na kwamfuta ana ganin sa ta hanyar zaɓar `Show original`. Layuka huɗu ake nema: `Action`, wanda ke cewa an fasa ne ko an jinkirta, `Status`, mai ɗauke da lamba mai kashi uku, `Remote-MTA`, sunan sabar da ta yi magana, da `Diagnostic-Code`, ainihin kalmomin da ta faɗa.

Wasiƙu uku, amsoshi uku

A ɗauki misalin wata ƙungiyar matasa mai bibiyar ayyukan mazaɓu. Ranar Litinin da safe sakatariyarta ta aika buƙatar bayani zuwa ofisoshi uku daga adireshin ƙungiyar, tana neman takardun kwangilar wata rijiyar burtsatse. Kafin azahar duka ukun sun dawo da rahoto. Abin da ya fara zuwa zuciyar mambobin shi ne an haɗa baki an toshe su, har wani ya fara shirya sanarwar da za a wallafa. Ga abin da rahotannin suka ƙunsa. Sunayen da ke cikinsu na misali ne, ba na wata hukuma ba.

Na farko: babu mai wannan suna

```
Action: failed
Status: 5.1.1
Remote-MTA: dns; mx.example.org
Diagnostic-Code: smtp; 550 5.1.1 <infor@example.org>:
 Recipient address rejected: User unknown
```

Lambar ta fara da 5, wato an ƙi gaba ɗaya. Ta tsakiya 1 ce, wato adireshi. Kalmomin ƙarshe suna cewa ba a san mai wannan suna ba. Layin `Remote-MTA` ya nuna cewa an isa gidan, sabar ofishin ce da kanta ta amsa. Kamar masinja ne da ya gano gida, ya yi sallama, aka ce masa babu mai wannan suna a nan.

Da aka duba da kyau, sai aka ga an rubuta `infor` a inda ya kamata a rubuta `info`. Harafi ɗaya ne ya yi yawa. Amma ba kullum ne laifin yake ga mai rubutu ba. Wannan lambar dai ita ce ke dawowa idan ma'aikaci ya bar aiki aka rufe akwatinsa, ko kuma ofis ya sauya adireshi ya bar tsohon a kan takardunsa. Sabar ba ta bambanta wanda bai taɓa wanzuwa ba da wanda aka goge. Abin da mai aikawa zai yi shi ne ya kwatanta abin da ya rubuta da abin da ofishin ya wallafa, harafi bayan harafi. Idan sun yi daidai amma saƙon ya dawo, to ofishin ne ke tallata adireshin da ba ya aiki, kuma wannan abu ne da za a iya faɗa da hujja.

Akwai wani nau'in kuskuren adireshi da ya bambanta da wannan. Idan kuskuren yana bayan alamar `@`, wato a sunan gidan, babu wata sabar da za a yi magana da ita. A nan sabar mai aikawa ce ke rubuta rahoton da bakinta, layin `Remote-MTA` ba ya fitowa, kuma akan ga lamba irin 5.1.2 ko 5.4.4 tare da kalmomin `Host or domain name not found`. Hakan na faruwa idan an yi kuskure wajen rubuta sunan, misali an manta `.ng` a ƙarshen `.gov.ng`, ko kuma mai sunan bai sabunta rajistarsa ba har ta faɗi.

Na biyu: akwati ya cika

```
Action: delayed
Status: 4.2.2
Remote-MTA: dns; mail.example.net
Diagnostic-Code: smtp; 452 4.2.2 Mailbox full
```

Wannan rahoton bai ce an fasa ba, cewa ya yi an jinkirta. Lambar ta fara da 4, ta tsakiya kuma 2 ce: akwati. Abin da ya fara tabbatarwa shi ne adireshin daidai ne, akwai shi. Wurin ajiyar da aka ware masa ne ya ƙare.

Tun da matsalar ta ɗan lokaci ce, saƙon bai mutu ba. Yana nan a layi a sabar mai aikawa, wadda za ta ci gaba da gwadawa lokaci bayan lokaci. Ƙa'idar SMTP ta yanzu, RFC 5321 ta 2008, ta ba da shawarar a ci gaba da gwadawa na kwana huɗu zuwa biyar kafin a haƙura, kuma manhajar Postfix, wadda sabar da yawa ke amfani da ita, kwana biyar take jira idan ba a sauya mata saiti ba. Idan a cikin waɗannan kwanaki wani ya share tsofaffin wasiƙu, saƙon zai shiga da kansa. Idan ba a share ba, rahoto na biyu zai zo da `Action: failed`. Sake aika wasiƙar sau goma a ranar farko ba ya ƙara komai sai cunkoso, domin duk kwafin za su faɗa akwatin tare idan wuri ya samu.

Wasu sabar ba sa jira, nan take suke mayar da 5.2.2, galibi tare da lambar 552 da kalmomi irin `over quota`. Ma'anar ɗaya ce, sai dai a nan babu wanda zai sake gwadawa sai mai aikawa da kansa.

Abubuwa biyu ne ke ruɗa mutane a wannan wuri. Na farko, lambar 552 tana zuwa kuma idan wasiƙar ce ta yi nauyi fiye da kima. A irin wannan hali lamba ta biyu takan zama 5.3.4, maganin kuma shi ne a rage nauyin takardun da aka maƙala. Gmail, alal misali, ba ya barin a maƙala abin da ya wuce megabait 25. Na biyu, cikar akwati ba hujja ba ce kai tsaye cewa ba a karanta wasiƙu. A asusun Google na kyauta, gigabait 15 ɗin da ake bayarwa ana raba shi ne tsakanin wasiƙu da hotuna da sauran fayiloli, don haka hotunan waya kaɗai na iya cika shi. Abin da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba shi ne: a rana kaza da ƙarfe kaza, akwatin bai iya karɓar saƙo ba. Idan kuwa an gwada bayan mako guda, an sake bayan wata guda, amsar ba ta canza ba, to wannan jerin rahotanni ya zama shaida mai nauyi cewa babu mai kula da shi.

Na uku: an hana shiga

```
Action: failed
Status: 5.7.1
Remote-MTA: dns; mx.example.com
Diagnostic-Code: smtp; 554 5.7.1 Service unavailable;
 Client host [203.0.113.25] blocked using zen.spamhaus.org
```

A nan ne kalmar `blocked` ta fito, wato an toshe, kuma a nan ne ya fi dacewa a karanta a hankali. Lambar tsakiya 7 ce: ƙa'idar tsaro. Amma wa aka toshe? Rahoton bai ambaci sunan ƙungiyar ba, bai ambaci adireshin sakatariyar ba. Abin da ya ambata shi ne `Client host` da wata lamba, wato lambar intanet ta sabar da ta kawo saƙon. Ya kuma faɗi dalili: lambar tana cikin jerin Spamhaus, wata ƙungiya da aka kafa a 1998 mai tattara sunayen na'urorin da ke watsa saƙonnin banza da na damfara. Sabar masu karɓa da yawa a duniya kan duba wannan jeri kafin su buɗe ƙofa.

Yaya ƙungiyar da ba ta taɓa aika saƙon banza ba ta shiga ciki? Ƙananan ƙungiyoyi galibi hayar wuri suke yi a sabar da suke tarayya da wasu masu haya da yawa, duka a kan lambar intanet guda. Idan aka yi wa ɗaya daga cikinsu kutse aka riƙa watsa tarkace ta asusunsa, lambar ce ke shiga jerin, sai laifin wani ya shafi kowa. Babu wani jami'i a ofishi na uku da ya ga wasiƙar, balle ya ƙi ta. Gyaran yana hannun kamfanin da ƙungiyar ke haya a wurinsa: ya gano asusun da aka lalata, ya rufe ɓarakar, sannan ya nemi a cire lambar daga jerin.

Wani dalilin da ke ƙarƙashin lamba 7 shi ne rashin shaidar asali. Akwai tsare-tsare masu suna SPF da DKIM da DMARC, waɗanda da su ne mai sunan gida ke sanar da duniya sabar da ya yarje wa aika wasiƙa da sunansa. Tun watan Fabrairun 2024, Google da Yahoo suka tsananta sharuɗɗansu a kan wannan, kuma Gmail kan mayar da lamba 5.7.26 ga saƙon da bai zo da shaidar ba. Wannan ma gyaransa yana ɓangaren mai aikawa. Akwai kuma akwatunan da aka tsara su don ma'aikatan cikin gida kawai, waɗanda ke ƙin duk wani saƙo daga waje, ko daga wa ya fito.

Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne. A aika gajeriyar wasiƙa marar maƙale zuwa adireshin nan daga wani asusu na daban da ke wani kamfani. Idan ta wuce, ƙofar a buɗe take, matsalar tana tattare da sabar ƙungiyar ko da abin da wasiƙar farko ta ƙunsa. Idan ita ma ta dawo da lamba iri ɗaya, to ƙa'idar ta shafi kowa. Ba za a fara maganar an ware ƙungiyar ba sai idan rahoton ya ambaci adireshinta ko sunan gidanta a matsayin abin da aka ƙi, alhali shaidar asalinta lafiya take, lambarta ba ta cikin wani jeri, kuma saƙonnin wasu suna wucewa.

Inda lamba ke yaudara

Ba kowane kamfani ne ke bin ƙa'idar sau da ƙafa ba, shi ya sa ake karanta lamba tare da kalmomin da ke bin ta. Misali mafi shahara na sabar Microsoft ne, waɗanda kan mayar da wannan:

```
550 5.4.1 Recipient address rejected: Access denied
```

Kalmomin ƙarshe suna cewa an hana shiga, kuma duk wanda ya gan su zai ɗauka toshewa ce. Amma a mafi yawan lokuta ma'anarsu ita ce adireshin ba ya cikin jerin ma'aikatan wurin, wato kuskuren adireshi ne ya sa rigar toshewa. Wata lambar Microsoft, 5.1.10, ita ma rashin samun mai karɓa take nufi.

Haka nan lambar 4.7.1 da ke zuwa a karon farko ba lallai ba ne ta zama abin damuwa. Wasu sabar da gangan suke ce wa baƙon da ba su sani ba ya je ya dawo, domin na'urorin masu watsa tarkace ba su cika dawowa ba, alhali sabar ƙwarai kan dawo bayan 'yan mintoci ta shiga.

Mai kula da sabar ƙungiya yana da ƙarin hanya, domin kowace tattaunawa tana rubuce a rajistar na'urar. A Postfix, kowane layi yana ɗauke da `dsn=` da lambar, sai `status=` da ɗaya daga cikin kalmomi kamar `sent`, `deferred` ko `bounced`: an miƙa, an jinkirta, ko an mayar. Layin da ke da `status=sent` tare da amsar 250 yana nuna ranar da lokacin da sabar ofishin ta karɓi wasiƙar, kuma wannan ita ce shaida mafi kusa da rasit da imel ke iya bayarwa.

Abin da rahoton ba ya faɗa

Babban abin lura shi ne, toshewar da mutum ya yi da gangan sau da yawa ba ta dawo da rahoto ko kaɗan. Idan mai amfani da Gmail ya toshe wani, saƙonnin wanda aka toshe suna shiga ne cikin jakar `Spam`, shi kuwa ba a sanar da shi komai. Sabar ta karɓa, ta ce 250, sannan ta ajiye wasiƙar inda ido ba ya kaiwa. Ke nan rashin dawowar saƙo yana nuna an karɓa ne kawai, bai nuna an karanta ba. Wanda aka toshe da niyya shiru yake ji, wanda ya samu rahoto kuwa galibi na'ura ce ta mayar da shi.

Akwai kuma rahoton da ke zuwa game da wasiƙar da mutum bai taɓa aikawa ba. Wannan yakan faru idan 'yan damfara sun ari adireshinsa sun liƙa a saƙonninsu. Ya kamata a duba jakar wasiƙun da aka aika: idan babu saƙon a ciki, mai yiwuwa aron suna ne kawai, amma sauya kalmar sirri ba asara ba ce. Kada kuma a latsa wata mahaɗa da ke cikin rahoton da ke cewa a shiga a saki saƙon da ya maƙale, domin tarko ne da aka saba ɗanawa don satar kalmar sirri.

Abin da ƙungiyar ta yi

Da aka gama karatun, sanarwar haɗin baki ta faɗi. Wasiƙa ta farko an gyara harafinta, aka sake aikawa, ta wuce. Ta uku an aika ta daga wani asusu yayin da kamfanin haya ke gyara matsalarsa. Ta biyu ce ta rage: bayan kwana biyar rahoton ƙarshe ya zo cewa an fasa, akwatin na nan a cike. Sai aka buga buƙatar a takarda aka kai ofishin hannu da hannu, aka karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, domin daga wannan ranar ce lissafin kwana bakwai zai fara ba tare da jayayya ba.

Rahotannin kuma ba a goge su ba. An adana kowanne a cikakkiyar siffarsa ta asali, domin hoton allo kan yanke layukan da ke ɗauke da lokaci da sunan sabar. Idan wata rana ofishin ya ce bai taɓa samun buƙatar ta imel ba, gaskiya ya faɗa. Amma ƙungiyar na da takardar da ke nuna dalili, da rana, da sa'a, da sunan na'urar da ta ce akwatin da aka wallafa wa jama'a ba shi da wurin karɓar wasiƙa.